Taku Huɗu da Ɗan Yatsa Guda

Saura kwana tara mu fara jarabawar zangon farko na shekara ta biyu abin ya same ni. Gidanmu na cikin Ƙofar Durbi, kuma duk wanda ke zuwa makaranta daga cikin gari ya san yadda safiyar Litinin take: in ka makara da minti goma, sai ka yi rabin awa a bakin titi kana ɗaga wa napep hannu. Ran nan na makara. Na hango wani napep ya tsaya da sauran gurbin mutum ɗaya, sai na ce bari in tsallake lambatu maimakon in zagaya ta kan kwalbati. Na tsallake lafiya lau, amma ƙafar dama ta sauka a gefen wani bulo. Tafin ƙafar ya juya ciki, nauyina duka ya bi ta gefen waje, na ji wani abu ya ce ɗas. Sauri ya haifi nawa.

Na ɗan zauna a bakin lambatun ina salati. Mai shayin da ke wurin ya taso ya kama ni na miƙe. Na taka, da zafi sosai, amma na taku. Da ɗingishi na koma gida, tafiyar da ba ta fi ta minti uku ba ta ɗauke ni kusan goma. Ku riƙe wannan a ranku, don daga baya na gane cewa komawar nan da na yi da ƙafata ita ce hujja ta farko a kan abin da ya same ni.

Kafin azahar idon sawuna na waje ya ɓace cikin kumburi, kamar an cusa ƙwan agwagwa ƙarƙashin fata. Kakata ta leƙo, ta dafe ƙirji ta ce, "Angona, wa ya aike ka tsalle? Yanzu gurgu zan aura?" Kawuna kuwa ba da wasa ya zo ba. Ya duba ya ce, "Wannan ko ba karaya ba ce, gocewa ce. A ɗora ruwan zafi a gasa mashi, in an yi la'asar in kai shi wajen maɗori ya ja ta." Inna har ta ɗora tukunya.

Allah ya sa yayata ta yi aikin dare, tana gida. Nas ce, ta kuma daɗe a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Ta fito ɗaki tana mutsuttsuke ido, ta ce wa Kawu, "Kawu, don Allah a ba ni minti biyar in duba shi tukuna. In ta kama a kai shi, ni da kaina zan raka ku." Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta ɗora ƙafata bisa cinyarta.

Abin da ta yi cikin minti biyar ɗin nan shi ne dalilin wannan rubutu.

Ta fara da tambaya: "Da ka faɗi, ka iya takawa?" Na ce da ƙafata na dawo. Ta ce, "To tashi ka yi mani taku huɗu yanzu. Ɗingishi ba laifi, amma kowace ƙafa ta ɗauki nauyinka sau biyu." Na cije leɓe na yi. Ta ce in zauna.

Sai ta sa babban yatsanta ta fara dannawa, amma ba a kan kumburin ba. Ta zagaya bayan idon sawu na waje, ta bi gefen ƙashin ta baya, daga tsininsa na ƙasa zuwa sama kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, wato santimita 6. Tana dannawa tana kallon fuskata. Ban ji komai ba sai nauyin yatsanta. Ta koma idon sawu na ciki ta yi haka, nan ma shiru. Sannan ta bi gefen ƙafar ta waje, daga ƙaramin yatsa tana yin baya, har ta iso wani ɗan tudun ƙashi da ke kusan tsakiyar tafiya tsakanin yatsan da diddige. Ku taɓa naku yanzu, za ku ji shi. Ta danna, babu zafi. Na ƙarshe shi ne wani tudun ta ciki, gaba kaɗan da idon sawun ciki, a saman inda tafin ƙafa yake lanƙwashewa. Shi ma lafiya.

Daga nan ta sa yatsa a wani ɗan kwari mai taushi, gaba da idon sawun waje kuma ƙasa kaɗan. Ban san lokacin da na yi ƙara ba, har kakata ta ce, "Ke, za ki kashe mani miji!" Yaya ta yi dariya ta ce, "Alhamdu lillahi. Nan nake so ya yi zafi. Targaɗe ne, Kawu. Ƙashi bai taɓu ba."

Kawu bai gamsu ba. Ya nuna kumburin ya ce, "Duk wannan?" Amsar da ta ba shi na haddace ta, ko da yake kamar yadda za ku ji, rabinta kawai na yi aiki da shi. Ta ce kumburi ba ya bambance targaɗe da karaya. A gefen idon sawu ta waje akwai wasu gajerun jijiyoyi masu tauri guda uku da suka ɗaure ƙashi da ƙashi. In ƙafa ta juya ciki, ta gaban ce ke fara miƙewa ko ta yage, kuma a daidai kwarin nan take. In ta yage, ƙananan hanyoyin jini na yagewa tare da ita, jini da ruwa su taru, wurin ya haye. Don haka ƙafa na iya kumbura kamar tulu alhali ƙashi lafiya lau, wata kuma ta ɗan tasa kaɗan alhali ƙashin ya tsage. Ƙarar ɗas da na ji ma ba hujja ba ce, jijiya na yin ta, ƙashi na yin ta. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne inda zafin yake in an danna, a kan ƙashi ko a kan nama, da kuma ko ƙafar na iya ɗaukar mai ita.

Ashe ba dabararta ba ce. Wasu likitoci ne a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, ƙarƙashin Dokta Ian Stiell, suka fitar da wannan ƙa'ida a 1992. Sun lura cewa kusan duk wanda ya zo asibiti da ciwon idon sawu sai an yi mashi hoto, alhali waɗanda ake samu da karaya ba su kai 15 cikin 100 ba. Sai suka nemo alamomin da za su tace wanda ke buƙatar hoto daga wanda ba ya buƙata: wurare huɗun nan na ƙashi, da taku huɗu. In ko ɗaya daga wuraren ya yi zafi da aka danna, ko mutum ya kasa taku huɗu tun lokacin da ya ji ciwon har zuwa lokacin da ake duba shi, to a yi hoto. In duk babu, da wuya ƙwarai a ce akwai karaya. A wajenmu da kuɗin hoto daga aljihun ɗalibi yake fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inna ta sauke tukunyar ruwan zafi, aka yi wanke-wanke da shi. Yaya ta ce kwana biyu zuwa uku na farko, abu uku ne abokan gaba: ruwan zafi, murza, da man zafi. Duk suna buɗe hanyoyin jini ne, su ƙara wa kumburi ƙarfi. Jan ƙafa kuma, ta ce, jijiyar da ta riga ta yage ce za a ƙara ja, ba wani abu da ya goce da za a mayar. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, mu dai da gashi aka yi mamu, ga mu nan muna tafiya." Ta ce, "Haka ne Kawu, gashin ma zai zo, amma ba yau ba."

Ƙanƙara ta so, kuma ba wuta tun daren jiya. Aka aiki ƙanena wajen masu sayar da ƙanƙara ya sayo fiya wata guda huɗu da suka daskare. Ta naɗe biyu a ɗankwali mai ɗan danshi ta ɗora, ta ce kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, don tana ƙuna kamar wuta. Minti 15 zuwa 20 a cire, sai bayan awa biyu ko uku a sake. Sauran muka sa a kula. Da suka narke da dare, tsumma muka riƙa jiƙawa da ruwan randa. Bai kai ƙanƙara ba, amma ya rage raɗaɗi.

Sai ɗauri. Ta aika kemis aka sayo bandeji mai talewa, mai faɗin yatsu huɗu. Na zuba ido don na san ni zan riƙa yi in ta tafi aiki. Ta sa na ɗaga yatsun ƙafar sama, ƙafar ta tsaya kamar ina tsaye a kanta, don in aka ɗaure ta a sake tana kallon ƙasa, haka za ta ƙage. Ta fara daga gindin yatsu, ba daga ƙwauri ba, ta zagaya tafin ƙafa sau biyu. Sannan ta haura ta kan ƙafar a karkace, ta zagaya bayan idon sawu, ta sauko ta gitta ta shiga ƙarƙashin tafin, ta sake haurawa. Haka ta riƙa yi kamar tana rubuta lamba 8, kowane zagaye yana rufe rabin na baya, har ta kai kamar faɗin tafin hannu sama da idon sawu. Ta fi ɗan matsewa a ƙasa, tana sassautawa in ta yi sama, don a kora ruwan ya koma jiki, ba a tare shi a yatsu ba. Yatsun kuma ta bar su a waje.

Ta ce, "Yatsun nan su ne 'yan rahotonka. In sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ka ji suna maka kamar tafiyar kiyashi, ko zafi ya ƙaru bayan ɗauri, ka kwance nan take, ya matse da yawa." Ta nuna mani in danna farcen babban yatsa har ya yi fari in saki: in jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu, jini na isa. Kuma ɗan yatsan hannu ya iya shiga ƙarƙashin bandejin. In zan kwanta barci in kwance shi gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne ɗaga ƙafa, kuma nan ne na fara yin kuskure. Na zauna bisa kujera na ɗora ƙafar a kan bokiti, ina ganin na ɗaga. Ta wuce ta ce, "Wannan ai ado ne. Ruwa na hawa tudu?" Sai ƙafa ta fi ƙirji tsawo sannan kumburi ke sauka. Na kwanta rigingine bisa tabarma, ƙafa kan matasai biyu, littafi a sama da fuskata. Haka na yi bitar kwana biyu. Don zafi kuwa farasitamol ta ba ni, ƙwaya biyu masu miligiram 500, ta ce kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ta hana ni magungunan ciwon jiki da ake haɗawa a leda, don ina da gyambon ciki, irin su ibufurofen kuma suna tayar da shi.

Ranar Laraba da safe na kwance bandeji na ga abin da ya tayar mani da hankali. Gefen ƙafar tun daga diddige har gindin yatsu ya yi baƙi-baƙi da shuɗi, wuraren da ban ma bugu ba. A fata irin tawa ba ya fitowa ja, sai dai ka ga wurin ya yi duhu yana sheƙi. Kakata ta gani ta ce ƙafa ta fara ruɓewa. Kawu ya ce, "Ai na faɗa." Na kira Yaya a waya murya na rawa. Ta ce, "Yatsun da ɗumi? Kana jin su in ka taɓa? Zafin ya ƙaru ko ya ragu?" Na ce da ɗumi, ina ji, zafi kuma ya ragu. Ta ce, "To jinin da ya kwanta shekaranjiya ne yake gangarowa ƙasa. Zai koma kore-kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya ɓace cikin sati biyu ko uku. Je ka yi karatunka." Haka kuwa aka yi, ba ƙari ba ragi.

Abin da ban zata ba shi ne, a rana ta uku ita da kanta ta tashe ni. Ni da na fara jin daɗin kwanciya ana kawo mani abinci har tabarma. Ta ce hutun kwana biyu zuwa uku ne, ba na sati biyu ba. Gaɓar da aka bari ba motsi ƙagewa take yi, naman ƙwauri kuma ya saki. Hatta likitan Amurka da ya yaɗa tsarin nan na hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗagawa a 1978, Dokta Gabe Mirkin, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Ƙanƙara don rage zafi ce a farko, ba ita ke ɗinke jijiya ba. Ta sa ni in riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsan ƙafa, daga A har Z, sau uku a rana. Ta sa ni in maƙala tawul a tafin ƙafa in jawo shi a hankali har in ji agara ta miƙe. In riƙa takawa a tsakar gida gwargwadon abin da zan iya jurewa, diddige ya fara sauka sannan yatsu. A ranar ne kuma aka ba Inna izinin ruwan ɗumi, kowa ya samu nashi.

Wahalar da ba wanda ya gaya mani ita ce ta tsugunno a banɗaki da zaman tahiya. Kwana biyar a kan kujera na yi salla. Na shiga jarabawar farko da bandeji cikin takalmi sau-ciki na ƙanena wanda ya fi nawa girma, don Yaya ta hana silifa. Bayan sati biyu ɗingishi ya tafi. Ta ƙara mani aiki ɗaya: tsayuwa da ƙafa ɗaya na rabin minti duk lokacin da nake goge baki, in na ƙware in rufe ido. Ta ce jijiyar da ta yage ba ɗauri kawai take yi ba, ita ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, kuma in ba a sake koya mata ba, shi ya sa za ka ga mutum ƙafa ɗaya kullum ita ke turguɗewa. Sai da na yi sati takwas kafin na koma ƙwallo.

Da a nan labarin ya ƙare, da ban rubuta shi ba.

A zango na biyu, wani abokina, ɗan ajinmu da muke zama benci ɗaya tun shekarar farko, ya turguɗe a filin ƙwallo da yamma. Ƙafar hagu ce, ita ma ciki ta juya. Ya tashi ya ɗingisa ya fita fili da kanshi. Da yake kowa a ajin ya san labarina, har ana ce mani likitan ƙafa, ni aka kira. Na zo ina taƙama. Na duba, kumburin bai kai rabin nawa ba, kuma ya fi yawa a gefen ƙafar, ba a idon sawu ba. Na ce ya yi taku huɗu, ya yi yana cije baki. Na ce, "Haba mutumina, wannan ai wasa ne. Da ka ga tawa! Targaɗe ne, kwana uku ka warke." Na sayo fiya wata mai ƙanƙara, na naɗa mashi bandeji lamba 8 tsaf, har ana yaba mani.

Ban danna ko'ina ba. Na tuna ƙanƙara, na tuna ɗauri, na tuna taku huɗu, na manta ɗan yatsa. Kuma na yi abin da Yaya ta ce wa Kawu kada a yi: na auna ciwo da girman kumburi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kwana uku suka wuce, sati ya wuce, yana nan yana ɗingishi. Kumburi ya sauka amma zafin na nan wuri ɗaya, in ya taka kamar an soka mashi ƙusa. Ni kuma ina ce mashi ya daure ya riƙa takawa, motsi magani ne, haka aka ce mani. Ranar da ya cika kwana goma sha shida, babanshi ya kai shi wajen wani tsohon maɗori a unguwarsu. Abin da ya ba ni kunya shi ne, dattijon nan bai ja ƙafar ba. Ya bi gefenta da yatsa, ya iso ɗan tudun nan na bayan ƙaramin yatsa, ya danna, abokina ya zabura. Ya ce wa baban, "Alhaji, wannan ƙashi ne. Ku je a yi hoto tukuna." Abin da ya kamata in yi tun ranar farko a bakin fili, cikin daƙiƙa goma.

Hoto ya nuna karaya a ƙashin da ke bin gefen ƙafa zuwa ƙaramin yatsa, kusa da gindinsa. Likitan ya ce a nan karaya iri biyu ake yawan gani. Wata ɗan ɓallin ƙashi ne a can tsinin, wadda kan warke ba wahala. Ɗayar tana gaba kaɗan, a wurin da jini bai cika isa ba, don haka tana da nawar haɗewa, wani lokaci ma sai an yi aiki an sa ƙarfe. Ita ake kira karayar Jones, da sunan likitan ƙashi na Birtaniya, Robert Jones, wanda ya bayyana ta a 1902 bayan shi da kanshi ya karye a wurin yana rawa. Ta abokina ita ce ta biyun, ga shi kuma ya yi sati biyu yana taka ta bisa shawarata. Aka sa mashi siminti, aka ba shi sanduna, aka ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Sati takwas ya yi a haka. Ya rasa firatikal biyu, ɗaya sai da ya maimaita kwas ɗin.

Ranar da na je gaishe shi na kasa haɗa ido da mahaifiyarshi. Shi ne ma ya riƙa tsokanata, yana cewa, "Likita bokan Turai, ka zo duba majinyacinka?" Da na gaya wa Yaya, ba ta yi mani faɗa ba. Ta ce, "Taku huɗu ba ya wanke mutum shi kaɗai. Mutane da yawa na tafiya da karaya. Ƙa'idar cewa ta yi in ɗaya ya samu a yi hoto, ba ta ce in ɗaya ya yi kyau a sallami mutum ba. Biyar ɗin duka ake dubawa." Ta ƙara da cewa ko da duk sun yi kyau, in an kwana biyar zuwa bakwai ba sauƙi, ko mutum har yanzu bai iya taka ƙafar sosai, a je asibiti. Nan ma na faɗi, don sati guda cur ina kallon abokina yana ɗingishi.

Ta kuma ja mani kunne a kan inda gwajin ba ya aiki. Wanda ya sha wani abu da ya gusar mashi da hankali, ko ya bugu a kai, ko yana da wani babban rauni da ya ɗauke mashi hankali, ba zai faɗi zafi daidai ba. Haka mai ciwon suga da ƙafarshi ta daina ji sosai, da ƙaramin yaro, da wanda kumburi ya hana a taɓo ƙashinshi. Waɗannan ma'aikacin lafiya ne zai duba su. Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa wani danne-danne: ƙafa ta karkace ta sauya siffa, ko akwai rauni a buɗe a kan ƙashi, ko ana jin ƙashi na gogar ƙashi, ko yatsu sun yi sanyi sun mutu, ko zafin ya haura can sama kusa da gwiwa ta waje. In an ga ɗaya, kada a ja, kada a gwada miƙarwa, kada a ce ya taka. A tallafe ƙafar yadda take da matashi ko kwali, a nufi asibiti. In kuma an riga an yi ɗori da karare a gida, sai aka ga yatsu sun kumbura sun yi sanyi, zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin a tafi a daren, kada a jira safiya. Ta ce ɗaurin da ya toshe jini na iya jawo a rasa ƙafar da karayar kanta ba za ta sa a rasa ba.

Abokina ya warke, yana tafiya garau, sai dai bai koma ƙwallo ba har yanzu, kuma kwas ɗin da ya maimaita ya ja mashi sakamako ƙasa. Bai taɓa ɗora mani laifi ba, ni ne ban sauke wa kaina ba. Har yau in na bi ta bakin lambatun nan na Ƙofar Durbi, ta kan kwalbati nake zagayawa, mai shayi na yi mani dariya.

Satin da ya wuce wani ɗan shekarar farko ya turguɗe a matakalar ɗakin karatu, aka ce a kira likitan ƙafa. Na je. Na durƙusa, na ce ya cire takalmi, na fara da bayan idon sawu na waje, na ciki, tudun gefe, tudun ciki, ɗaya bayan ɗaya ina kallon fuskarshi. A na farko ya ɗauke numfashi ya riƙe mani hannu. Ban ko warware bandejin ba. Na ce wa abokanshi, "Ku tsaida napep, hoto za mu."